Fanka Mai Caji: Taurari 4.6 Ko 4.1, Wanne Zan Yarda Da Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Agege da iyalina, kuma wutar layinmu ba ta wuce awa bakwai ko takwas a rana. Ina so in sayi fanka mai caji ta intanet saboda zafin dare. Na ga guda biyu: ɗaya tana da taurari 4.6 daga mutum 10, ɗayar kuma 4.1 daga mutum 300. A ƙarƙashin ta biyun wani ya ce tana kai shi har asuba, wani kuma ya ce ko awa biyu ba ta yi. Wa zan gaskata a cikinsu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mai yiwuwa ne ƙwarai duka mutanen nan biyu gaskiya suka faɗa, kuma ɗan lissafi kaɗan zai nuna maka yadda hakan ke faruwa. Na daɗe ina gyaran irin waɗannan fankoki a kasuwar Alaba, kuma abin da nake fara dubawa idan an kawo mini ita shi ne batirin da ke cikin gindinta. Da yawa daga cikin masu inci 16 ko 18 suna zuwa ne da batirin dalma wanda aka rubuta wa 12V 4.5Ah a jikinsa. Idan ka ninka 12 sau 4.5 za ka sami 54, wannan kuwa shi ne yawan wutar da batirin zai iya ɗauka yana sabo fil, wato wat 54 na tsawon awa guda. A ƙaddara fankar tana shan wat 27 idan an ƙure mata gudu, to awa biyu ke nan ta ƙare. Idan kuwa aka bar ta a lamba ta ɗaya inda take shan kamar wat 9, za ta yi wajen awa shida. Wanda ya kunna ta a lamba ta ɗaya da sha ɗayan dare zai ji kiran sallar asuba tana juyawa, wanda kuma ya ƙure ta bayan Isha'i zai farka cikin gumi kafin tsakar dare. Fanka iri ɗaya ce, batir iri ɗaya, amma na farko zai ba ta taurari biyar, na biyu kuma tauraro ɗaya.

Saboda haka, duk sharhin da ya ambaci awoyi bai faɗi lambar gudu ba, rabin magana ce. Abin da ya kamata ka nema shi ne wanda buƙatarsa ta yi kama da taka. Mutum ɗaya da ke kwana shi kaɗai ya kara fanka kusa da katifarsa, lamba ta ɗaya ta ishe shi. Kai kuwa da ke da mai ɗaki da yara, wataƙila har da gidan sauro da iska za ta ratsa, da wuya ka sauka ƙasa da lamba ta biyu, don haka yabon wancan gwauron bai shafe ka ba ko da ya rantse.

Akwai wani bambancin da ya fi wannan ɓoyuwa, shi ne yawan wutar da mai sharhin yake samu a unguwarsu. A tsarin da hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa ta shimfiɗa, an kasa masu amfani da wuta rukuni biyar: waɗanda ke Band A an ware musu aƙalla awa 20 a rana, Band B awa 16, Band C awa 12, Band D awa 8, Band E kuma awa 4. Mutumin da ke rukunin farko, fankarsa kusan kullum tana jone da bango, batirinta ba ya aiki sai na ɗan lokaci idan an ɗauke wuta, kuma da an dawo da ita ya sake cika. Irin wannan zai iya shekara biyu yana yaba mata da zuciya ɗaya. Batirin dalma kuwa abubuwa biyu ne ke kashe shi da wuri: a zuƙe shi ƙarƙaf kowane dare, sannan a bar shi bai cika ba. Ƙaramar cajar da ke cikin irin wannan fanka takan buƙaci awa 8 zuwa 12 kafin ta cika shi, ga shi wutarku ba lallai ta zo a jere ba, ta yiwu a kawo awa uku da safe, sauran kuma da tsakar dare lokacin da fankar take aiki. A irin wannan hali batirin zai riƙa kwana da yunwa yana tashi da ita, wani farin gishiri ya daskare a kan farantan dalmar da ke ciki, ƙarfinsa ya yi ta raguwa. Don haka idan ka ci karo da sharhin da ke cewa "ba ma samun wuta sosai amma tana riƙe caji", ka tsaya a kansa ka karanta da kyau, domin ya fi maka amfani a kan yabo ashirin da ba su faɗi komai game da wutar unguwarsu ba.

Daga nan sai ka dubi tsawon lokacin da mutum ya yi yana amfani da kayan kafin ya rubuta. Yawancin masu saye suna rubuta ra'ayinsu ne a kwanakin farko, lokacin da ɗokin sabon abu bai sake su ba. "Ta iso lafiya, tana da kyau, iska mai sanyi", wannan shaida ce a kan kwali da fenti da kuma mai kawo kaya, ba shaida ba ce a kan batir. Ko batir mafi rauni yakan yi abin kirki a makonsa na farko, halinsa na gaskiya ba ya fitowa sai bayan wata uku zuwa shida na amfanin kullum. Kalmomin da za ka farauta su ne irin "bayan wata huɗu", "tun bara na saya", ko "wannan ce ta biyu da na saya wa mahaifiyata". Na ƙarshen nan yana da nauyi a wurina, domin mutum ba ya sake zuba kuɗinsa a abin da ya cuce shi. Ka kuma lura da watan da aka yi rubutun. A nan Legas, wanda ya sayi fanka a watan Yuli ko Agusta, lokacin da ruwa da sanyin damina suka sassauta gari, bai wahalar da ita ba. Wanda ya rubuta a Fabrairu ko Maris, sa'ad da zafi da gumi ke hana barci, shi ne ya gwada ta a irin daren da kai kake so ka saye ta dominsa.

Ƙananan taurarin ma ba duka ne ke magana a kan fankar ba. Ka buɗe masu tauraro ɗaya da biyu, ka raba su gida biyu a ranka. Gida na farko shi ne na waɗanda suka fusata saboda an yi jinkirin kawo kaya, ko kwalin ya iso a lotse, ko sun nemi fara aka kawo baƙa. Fushinsu yana kan hanya, amma ya shafi mai sayarwa ne, kuma ba zai rage maka iska ko minti ɗaya ba. Gida na biyu shi ne na waɗanda suka ambaci lahani takamaimai. A nan abin dubawa shi ne maimaituwa: idan mutum ɗaya ya ce wuyan fankar ya karye, ƙila yaro ne ya ture ta, amma idan mutum bakwai da ba su san juna ba, a watanni daban-daban, suka ce ramin caji ya saki ko ta daina juya kai, to lahanin daga ƙira yake. Ni dai masu taurari uku na fi so, saboda mai ba da uku yawanci ba ya cikin ɗoki kuma ba ya cikin fushi, shi ya sa yakan zauna ya faɗi abin da ya ji daɗinsa da abin da ya dame shi.

Wani abin da na sha gani da idona shi ne batirin da ya tsufa tun kafin a saya. An taɓa kawo mini fanka wadda ko ledar da ke jikin maɓallanta ba a ɓare ba, mai ita ya ce kwana goma ke nan da sayenta. Da na kwance gindin na ɗora mita a kan batirin bayan an yi masa caji, sai na ga da an kunna ta ƙarfin yake faɗuwa ƙasa da bolt 11 nan take, alhali lafiyayyen batir da ya cika yakan nuna kusan 12.7 kuma ya sauka a hankali. Batirin dalma yana zubar da cajinsa kaɗan-kaɗan ko ba a taɓa shi ba, idan kuma ya yi watanni a ɗakin ajiya mai zafi babu mai yi masa caji, sai ya lalace a cikin kwalinsa. Idan ka ga sharhin bara duk yabo ne, na watannin nan kuma koke ne a kan batir, to ko dai tsohon kaya ake kwashewa, ko kuma an canja batirin da ake sawa a ciki. Kai kuwa abin da ke ɗakin ajiyar yau shi za a kawo maka, don haka ka jera sharhin daga na baya-bayan nan ka ba su fifiko.

Game da makin guda biyu, 4.6 daga mutum 10 yana nufin jimlar taurari 46 ke nan. Mutum biyu kacal idan suka zo suka ba da tauraro ɗaya-ɗaya, jimla ta zama 48 a raba wa 12, maki ya faɗo 4.0, ƙasa da na ɗayar. Mutum goma kuma adadi ne da 'yan'uwa da abokan mai shago za su iya cikawa a yini guda. Alamarsu ba ta ɓuya: rubutun ya taru a kwana biyu ko uku, kalmomin sun yi kama da juna, yabo ne tsantsa babu awa babu lamba. Wasu shafukan suna sa alamar Verified Purchase a gefen sharhi don nuna cewa ta wurinsu mutumin ya saya, wannan yana rage shakka, amma ba ya nuna kwana nawa ya yi da kayan. Maki 4.1 daga mutum 300 ya fi tsayuwa da ƙafafunsa, sai dai ka tabbata duka a kan girman da kake so suke magana, domin wani lokaci akan haɗa mai inci 12 da mai inci 18 a shafi ɗaya.

Da ni ne kai, zan ajiye ta farkon, in zauna da sharhin ta biyun na rabin awa, in tsamo guda goma da suka faɗi watanni da lambar gudu. Sannan in tambayi mai sayarwa abin da aka rubuta a jikin batirin, da tsawon garantin da ke kansa, domin sau da yawa garantin batir ya fi na sauran jikin fankar gajarta. Da wutar awa bakwai da kuke samu, idan 12V 4.5Ah na dalma ne a ciki, ba zai kai iyalinka asuba a lamba ta biyu ba komai yawan taurarinsa. Ka nemi mai batirin litiyom, wanda ya fi jure rashin cika, kuma ya kasance idan ka ninka lambar V sau lambar Ah da ke jikinsa lissafin ya kai ko ya wuce 100, ko kuma wadda ke da ramin jona faifan sola domin ta riƙa cika da rana ko an kawo wuta ko ba a kawo ba.