Tallan rumfar gyaran keke a bidiyon daƙiƙa 15: me za a faɗa, me za a nuna?

Tambaya: Salamu alaikum. Ina da rumfar gyaran keke a Tudun Wada, Kaduna. Ina son yin tallan bidiyo na daƙiƙa 15 da wayata, in sa a WhatsApp da TikTok. Na gwada sau uku, amma kafin in gama gaisuwa da faɗin sunana lokaci ya ƙare. Me zan rubuta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mutum yana magana cikin natsuwa, yadda mai sauraro zai fahimta, ba ya wuce kalma biyu zuwa biyu da rabi a daƙiƙa guda. Ke nan abin da daƙiƙa 15 za ta ɗauka bai wuce kalma 30 zuwa 37 ba. Sallama da "jama'a barkanmu da warhaka, sunana wane" kaɗai sun cinye kusan kashi ɗaya cikin uku. Gaisuwa tarbiyya ce, amma ka ajiye ta sai mai keke ya iso rumfa. Mai kallon bidiyo babban yatsansa na kan allo, in daƙiƙa biyun farko ba su riƙe shi ba ya wuce.

Don haka ka zaɓi matsala ɗaya tak da ke kawo maka mutane kullum. A rumfar keke faci ne. Ga rubutun, hoto huɗu, kalma 31.

Daƙiƙa 0 zuwa 3: an danna robar cikin taya a kwanon ruwa, kumfa na tasowa daga inda ta huje. Murya: "Tayar kekenka ta sake sacewa?"

Daƙiƙa 3 zuwa 7: hannunka yana kankare wurin, ka shafa sholisho, ka manna faci ka danne da yatsa. Murya: "Kawo ta nan, mu yi mata faci kana tsaye."

Daƙiƙa 7 zuwa 10: an kifa keke a kan sirdinsa, ka juya feda, taya na gudu, ka matse birki ta tsaya cak. Murya: "Muna gyara birki, muna ɗaure sarƙa."

Daƙiƙa 10 zuwa 15: rumfar gaba ɗaya daga bakin titi, kai kana tsaye a gabanta. Murya: "Rumfar Wane, Tudun Wada, daura da masallacin Juma'a. Sai ka zo." Sai ka sa sunanka da alamar da ke kusa da kai a gaske.

Hoton farko shi ne ran tallan. Duk wanda ya taɓa tura keke a rana da taya a sace ya san wannan kumfar, kuma ko wayarsa ba sauti zai gane me ake talla. Ka kusanto da wayar kamar taƙi ɗaya daga kwanon, ka zuba sabon ruwa mai tsabta, domin baƙin ruwan da ya yini ana aiki da shi kumfa ba ta fitowa a cikinsa. Ka fara ɗauka bayan kumfar ta riga ta fara tashi. In ka fara daga ɗaukar robar zuwa kwano, daƙiƙa biyu sun tafi a kan abin da ba ya jan ido.

Ka lura hoton ƙarshe ya samu daƙiƙa biyar cur. Kwastomanka ɗan unguwa ne: ɗan makaranta, mai tallan kaya a keke, uban da zai turo yaro da keken gida. Abin da yake buƙata shi ne ya gane wurin da ido. Tudun Wada babba ce, faɗin sunanta kaɗai bai isa ba, shi ya sa aka haɗa da alamar da kowa ya sani. Ka tsallaka titi ka ɗauka yadda shagon da ke maƙwabtaka da kai ko bishiyar da ke gefe za su fito.

Kada ka karanta lambar waya da baki. Lambar Najeriya alƙaluma 11 ce, karanta ta a hankali zai ci daƙiƙa biyar ko fiye, kuma ba mai haddace ta a ji ɗaya. Rubuta ta a kan allo tun daga daƙiƙa ta 10 har ƙarshe, da manyan alƙaluma farare a kan baƙar shimfiɗa, a rabe 4, 3, 4. Ka ɗora ta a tsakiya, domin a TikTok ƙasan allo da gefen dama rubutu da maɓallan manhajar suna rufe su. Farashi kuwa kar ya shiga murya. Kuɗin kayan gyara na canzawa, kuma sauya rubutu a allo ya fi sauƙi a kan sake naɗar magana. Ita ma "kana tsaye" alkawari ce. In da yamma kekuna kan taru maka har mutum ya jira, mayar da ita "mu yi mata faci mai ƙarko".

Inda yawancin irin wannan talla ke lalacewa shi ne sauti. A bakin titi, ƙarar babura da Keke Napep da janareton maƙwabci duk suna shiga makirufon waya, muryarka ta nutse. Ka ɗauki hotunan ba tare da magana ba, sannan da dare ka shiga ɗaki mai katifa da labule, ka kashe fanka, ka riƙe wayar taƙi ɗaya daga bakinka ka naɗi muryar. Kunna agogon waya ka karanta sau uku. In kana kai daƙiƙa 14, ya yi. In kana haura 15, cire kalma, kada ka ƙara sauri. Layin da za a fara ragewa shi ne na uku. Sautin wurin aiki guda ɗaya ya cancanci a bar shi: ƙaras-ƙaras ɗin tayar baya tana juyawa, da tsayawarta in an kama birki. Wannan ya fi waƙar wani amfani, wadda ma ana iya kashe wa bidiyon sauti saboda haƙƙin mallakarta.

Wajen ɗauka, riƙe wayar a tsaye, ka saita ingancin bidiyo a kyamarar a kan 1080p da 30 fps. Goge gilashin kyamara da kyalle mai tsabta tukuna, don hannun mai gyara ba ya rabuwa da giris, kuma ɗan maiƙo kaɗan ke sa hoto ya yi hazo kamar an ɗauka cikin hunturu. Ka yi aikin da hantsi ko bayan la'asar, rana tana bayan mai ɗauka. In kana cikin inuwar rumfa titi na haske a bayanka, fuskarka baƙi za ta yi. Kowane hoto ka ɗauke shi na daƙiƙa takwas ko goma, don ka samu abin yankewa.

A CapCut, manhajar haɗa bidiyo, ka zaɓi 9:16, wato bidiyo a tsaye, ka jera hotunan huɗu, ka yanke kowanne daidai lokacinsa, ka ɗora muryar. Manhajar kan liƙa ɗan guntun tambarinta a ƙarshe, taɓa shi ka goge, in ba haka ba tallanka zai zarce 15. Ka rubuta kowane layi a allo saboda masu kallo ba sauti, amma ka duba kalmar "sarƙa" da "ɗaure" da kyau: wasu salon rubutun ba su da ƙ da ɗ, sai su fito da ɗan akwati ko harafi mai wata siffa dabam. In ka ga haka, sauya salon.

In wani ne ya haɗa maka a wayarsa, ya turo ta Xender ko a matsayin Document a WhatsApp, saboda turawa ta hanyar da aka saba tana matse bidiyo, ɗorawa a Status kuma ta sake matse shi. Kafin ka saki, miƙa wa wani ɗan unguwa wayar ba sauti, ya kalla sau ɗaya, ka tambaye shi ina rumfar take. In ya yi jim, ƙara wa hoton ƙarshe daƙiƙa ɗaya daga na uku.