Wane saƙon ta'aziyya zan tura wa aminiyata?

"Salamu alaikum. Mijin aminiyata ya rasu shekaranjiya, kuma shi ya ɗauki ransa da hannunsa. Ina aure nesa, ba zan samu zuwa ba sai bayan bakwai. Na kira ba ta ɗauka. Ina so in tura mata saƙo, amma duk abin da na rubuta sai in goge, tsoro nake in fama mata ciwo. Don Allah me zan ce mata?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wallahi da na karanta sai da na ajiye wayar na yi kuka, domin tabarmar da aminiyarki take kai yanzu na zauna a kanta. Baban yarana ma ta haka ya tafi, yau shekara shida.

Ki fara cire tambaya daga saƙon gaba ɗaya. Mun saba in mun je gaisuwa, bayan "ya haƙuri" sai mu ce "ya yi jinya ne?" A wata mutuwar tambayar ta zumunci ce, a wannan kuwa wuƙa ce. Duk wadda ta yi mini ita ta riga ta san amsar, so take ta ji daga bakina. Akwai masu zagayowa ta bayan gida: "Ba ki ga wata alama ba?" "Ya bar wasiyya?" "Wa ya fara ganinsa?" Ni na fara ganinsa. Duk lokacin da aka tambaye ni sai a mayar da ni ƙofar ɗakin nan, ranar kuma ba ni ba barci. Wadda ta ce ba ki ga alama ba, a kunnena cewa take laifinki ne. Ita ma aminiyarki tana yi wa kanta wannan tambayar dare da rana, ba ta buƙatar mai taya ta.

Ranar sadakar uku ba zan manta ba. Ina zaune a ƙuryar ɗaki da hijabin takaba, ɗakin cike da mata, wata dattijuwa daga danginsa ta shigo. Ba ta ko gama gaisuwa ba ta juya wajen ta kusa da ita ta ce, "Namiji ba ya yin haka sai an kai shi bango a gida." Ba ta rage murya ba. Babbar 'yata, lokacin tana da shekara tara, tana jingine a cinyata, ta ɗago ta dube ni. Wannan kallon har yau yana idona. Matar nan ba ta san wata nawa na yi ina lallaɓa shi ya ci abinci ba, ba ta san dararen da yake zaune har asuba yana kallon bango ba, ba ta san sau nawa na roƙi 'yan'uwansa a kai shi asibiti aka ce ai sammu ne ba. Ko sau ɗaya ba ta leƙo ba yana raye. Ta gama maganarta ta karɓi kwanon shinkafa ta ci. Na yafe wa mutane da yawa, ita kam har yanzu ina roƙon Allah ya ba ni iko.

Kar kuma ki saka wa'azi. Wani da nake ganin girmansa ya turo mini dogon saƙo da hadisan azabar wanda ya kashe kansa, a ƙarshe ya ce in yi haƙuri. Wa yake yi wa gargaɗin? Wanda ya yi ya riga ya tafi, ni da marayu ne muka karanta. Babu mai musun cewa zunubi ne babba, matar ta fi ki sani. Amma makomarsa ba a hannun kowa take ba. Sai bayan wata biyu wani malami ya karanta mini hadisin Ɗufail ɗan Amru da ke cikin Sahihu Muslim: mutumin da ya yi hijira tare da shi ya yi ciwo a Madina, ya kasa jurewa, ya ji wa hannunsa rauni har ya mutu. Ɗufail ya gan shi a mafarki ya ce Allah ya gafarta masa saboda hijirarsa, sai dai hannuwansa a lulluɓe suke. Da aka faɗa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya roƙi Allah ya gafarta wa hannuwan nasa ma. Malamin ya ce jumhurun malamai suna kan cewa musulmi ne, a yi masa wanka da salla, a roƙa masa gafara. Ranar na fara yi masa addu'a ba tare da jin kamar sata nake ba. Saboda haka ki rubuta "Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa" kai tsaye. Na lura da masu tsallake wannan, su ce mini Allah ya ba da haƙuri kawai, shi ko sunansa ba sa kamawa. Ina gane su ɗaya bayan ɗaya.

Saƙon da na riƙe wata ƙawata ta makarantar kwana ce ta turo, kuma har na canza waya sau biyu ina kwafe shi. Ga shi kusan yadda yake: "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ji rasuwar Baban yara. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa. Ban manta ranar da ya bar shagonsa ya kai Mama asibiti da motarsa ba, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai. Ba sai kin ba ni amsa ba. Ranar Laraba ƙanena zai kawo abinci, zan sake leƙo ki ranar Juma'a." Shi ke nan. Ta ambaci alheri ɗaya nasa da ta gani da idonta, a lokacin da kowa ya manta shekara arba'in da ya yi a duniya ya riƙe yini ɗaya. Ke ma ki nemo naki, ko ɗan ƙarami ne, amma ya zama na gaskiya.

Yadda ya rasu kuwa, kar ki rubuta shi. Ki ce "rasuwa". Ba ki san abin da gidan suka zaɓi faɗa wa mutane ba, kuma a zaman makoki waya hannu hannu take yawo, tawa ƙanwar mijina ce take karanta mini. In ita da kanta ta buɗe zancen daga baya, ki saurara, ki yi amfani da kalmar da ta zaɓa. Ki kiyayi "ya huta", domin matar da take cikin wannan hali tana iya jin cewa mutuwa mafita ce, kuma ni kaina tunanin ya zo mini. Ki kiyayi "na san yadda kike ji", da "bai tausaya wa yaransa ba", da "ki daure saboda yara". Hotonsa ma kar ki ɗora a ko'ina, mutane za su biyo ki da tambaya.

Rashin ɗaukar wayar kar ya dame ki. Na yi kusan wata ban amsa wa kowa ba, amma duk ina gani. Abin da ya fi zafi bayan arba'in ne, tabarmi sun naɗe, ga sauran takabar wata huɗu da kwana goma, maƙwabta suna gaishe ki ta nesa kamar abin yana yaɗuwa. Ki sa wa kanki rana a mako, ki tura mata ko layi ɗaya. In kuma kin ji ta fara cewa gara ta bi shi, ko ta daina ci da barci, kar ki ce sirrin ƙawa ne. Ki tambaye ta a fili ko tana tunanin cutar da kanta, ki sanar da mahaifiyarta ko yayarta kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta ga likitan ƙwaƙwalwa. Akwai asibitin Dawanau a Kano, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato. Ni yayata ce ta ja ni, ina turjewa ina cewa ni ba mahaukaciya ba ce.

Ki tura yau, kar ki jira sai kin je. In kin je bayan bakwai ɗin, ki zauna kusa da ita, duk wadda ta fara tambaya ki ce mata mu yi masa addu'a. Ni ban samu mai yi mini haka ba ranar ukun.