Ba a ba mu f(x) ba, ta yaya za a haɗa intigiral biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina ajin farko a jami'a. An ba mu ∫₁⁵ f(x) dx = 12 da ∫₇⁵ f(x) dx = 3, aka ce mu nemo ∫₁⁷ f(x) dx, sannan ∫₁⁷ [2f(x) + 4] dx. Ba a faɗi ko mene ne f(x) ba. Na tara na samu 15 da 34, aka soke min duka biyun. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikis salam. Amsar farko 9 ce, ta biyu 42. Kurakurai biyu ne daban-daban, kuma na farkon ya ɓuya ne a wurin da ido ke saurin wucewa, wato ƙananan lambobin da ke jikin alamar ∫.

Ki sake duba intigiral na biyu. Bakwai ce a ƙasa, biyar a sama. Iyakar ƙasa ita ce inda aka tashi, ta sama inda aka sauka, don haka wannan tafiya ce daga 7 zuwa 5, da baya. Ke kuwa abin da kike bukata shi ne daga 5 zuwa 7. Mai tsara tambayar da gangan ya juya su.

Dalilin da ya sa juyawar ke da tasiri yana cikin yadda ake lissafa intigiral ɗin kansa. A ce F ita ce wadda in aka ɗauki dirabatif ɗinta za a samu f. To:

```
∫ₐᵇ f(x) dx = F(b) − F(a)
```

In kika musanya a da b, sai ya koma F(a) − F(b). Lambar ba ta canza girma ba, alamarta ce kawai ta juya. Ke nan tunda daga 7 zuwa 5 ya ba da 3, daga 5 zuwa 7 zai ba da −3.

Haɗa guntaye ma daga nan ya fito. Daga 1 zuwa 5 shi ne F(5) − F(1), daga 5 zuwa 7 kuma F(7) − F(5). In aka tara su, F(5) ta cinye 'yar uwarta, ya rage F(7) − F(1), wanda shi ne daga 1 zuwa 7. Shi ya sa ba ki bukatar sanin f ko kaɗan. Sharaɗin kawai shi ne inda guntun farko ya sauka, nan na biyu zai tashi, kamar mai zuwa Kaduna daga Kano ya sauka a Zariya ya sake hawa wata motar daga Zariyar. Naki guntayen duka biyu a 5 suka sauka, babu wanda ya tashi daga can, don haka ba su haɗuwa sai an juya ɗaya.

```
∫₁⁷ f = ∫₁⁵ f + ∫₅⁷ f = 12 + (−3) = 9
```

Bari mu gwada da f ta gaske, don kada ya zama ka'ida ce kawai aka haddace. Ki ɗauki f(x) = 7.5 − 1.5x, miƙaƙƙen layi mai gangarowa. A x = 1 tsayinsa 6 ne, ya taɓa layin x a daidai 5, a x = 7 kuma ya nutse zuwa −3. Daga 1 zuwa 5 akwai alwatika a saman layin x, gindinta 4, tsayinta 6, girmanta 12. Daga 5 zuwa 7 akwai ƙarama a ƙarƙashin layin, gindi 2, zurfi 3, girmanta 3. Intigiral yana ƙirga na sama da tarawa, na ƙasa da ragi, sai a samu 12 − 3 = 9. Abin sha'awa, 15 ɗin da kika samu shi ne jimillar girman alwatikun biyu in an yi watsi da alama. Amma kada wannan ya ruɗe ki ki ɗauka cewa kin amsa tambayar girman fili daidai. A wannan f ɗin abin ya dace ne kawai saboda ta tsallaka layin x a 5 cif. Samun −3 tsakanin 5 da 7 bai nuna f tana ƙasa a duk tsawon wurin ba, abin da ya nuna shi ne na ƙasa ya rinjayi na sama da uku.

Sai kashi na biyu. Fitar da 2 waje daidai ne, raba tarawar gida biyu ma daidai ne. Inda kika zame shi ne ɗaukar 4 ki manna ta a ƙarshe yadda take. Ita ma tana cikin intigiral ɗin. Zanen y = 4 daga 1 zuwa 7 murabba'i ne mai tsawo, tsayinsa 4, faɗinsa 7 − 1 = 6, girmansa 24.

```
∫₁⁷ [2f(x) + 4] dx = 2(9) + 4(7 − 1) = 18 + 24 = 42
```

Ko da kin samu 9 tun farko, wannan zamewar da ta kai ki ga 22, kuma a jarrabawar cika da zaɓi irin wannan lambar ce ake ajiyewa cikin zaɓuɓɓuka tana jiran mai gaggawa.

Ni dai dabarar da na fi so, musamman in guntayen sun yi yawa ko sun hau kan juna, ita ce a daina juye-juyen iyakoki gaba ɗaya a koma kan F. Tunda bambanci kawai ake nema, kina da 'yancin sa F ta zama sifili a duk wuri ɗaya da kika ga dama. Ga misali da ya fi naki ƙulli: an ba ki ∫₀⁶ g = 10, ∫₄⁹ g = 7, ∫₀⁹ g = 13, ana neman ∫₄⁶ g. Ki ce G(0) = 0. Na farko ya ba ki G(6) = 10, na uku G(9) = 13. Na biyu ya ce G(9) − G(4) = 7, ke nan G(4) = 6. Amsa ita ce G(6) − G(4) = 4. In kika yi wa tambayarki haka, F(1) = 0, F(5) = 12, sannan F(5) − F(7) = 3 ya ba da F(7) = 9 kai tsaye, alamar ta gyara kanta.

Daga nan kuma za ki gane cewa ba dole ne lambar mahaɗa ta kasance a tsakiya ba. Daga 1 zuwa 7 daidai yake da daga 1 zuwa 10 a tara da daga 10 zuwa 7, muddin f tana da intigiral har zuwa 10 ɗin.

Wannan “muddin” ba ado ba ne. Ki gwada 1/x² daga −1 zuwa 1. In kika ɗauki F = −1/x kika zuba iyakoki ba tare da dubawa ba, za ki samu −2, alhali 1/x² ba ta taɓa sauka ƙasa da sifili ba. A x = 0 ta tsinke ta haura ba iyaka, don haka ka'idar F(b) − F(a) ba ta aiki a kan tazarar da ta ratsa wurin. Duk sanda f take saman layin x, kina tafiya daga hagu zuwa dama, amma amsa ta fito da alamar ragi, ki tsaya ki nemi inda ta tsinke.

Haka kuma, rabawar da aka yi wa tarawa ba a yi wa ninkawa. Intigiral na x daga 0 zuwa 1 rabi ne, rabi sau rabi kuwa 1/4. Amma intigiral na x sau x, wato x², a wannan tazarar 1/3 ne. Saboda haka in aka ba ki ∫₁⁷ f = 9 kawai aka tambaye ki ∫₁⁷ [f(x)]² dx, amsar ba 81 ba ce, bayanin da aka bayar ne bai isa a fitar da ita ba.