Na ga maganar Miller a takardar Cowan, wa zan saka a manazarta?

Tambaya: Salam Malam. Ina rubuta kundin mastas ne kuma saura kaɗan in miƙa. Na ga maganar Miller (1956) a cikin takardar Cowan (2001), amma ni gaskiya ban karanta Miller ɗin ba. Wanda yake min taifin ya ce kawai in kwafo cikakken bayanin Miller daga ƙarshen takardar Cowan in zuba a manazarta, wai haka kowa yake yi, kuma in ban sa ba za a ce akwai suna a ciki da babu a jerin ƙarshe. Tsoro nake ji kar a kama ni ranar kare kundi. APA muke amfani da shi.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Cowan za ki saka a manazarta, shi kaɗai. Miller sunansa a cikin rubutu zai tsaya, tare da kalmomin da ke nuna ta hannun wa kika ji shi. A APA bugu na 7 ga yadda yake fitowa:

```
(Miller, 1956, as cited in Cowan, 2001)
```

In kuma a cikin jimla kika ambace shi, sai ki rubuta Miller (1956, as cited in Cowan, 2001) ki ci gaba da zancenki. A jerin ƙarshe kuma ƙarƙashin harafin C za ki jera takardar Cowan kamar kowace takardar mujalla, ba wata alama ta daban da za ki ƙara mata, ba kuma za ki sake rubuta "as cited in" a can ba:

```
Cowan, N. (2001). The magical number 4 in short-term memory: A reconsideration of mental storage capacity. Behavioral and Brain Sciences, 24(1), 87–114.
```

A ƙarƙashin M babu Miller. Wancan ƙa'idar da ake ta maimaitawa cewa duk sunan da ke ciki dole ya fito a ƙarshe gaskiya ce, amma wannan na daga cikin wuraren da aka togace, kuma duk mai jarrabawar da ya san aikinsa da ya ga "as cited in" sunan da ya biyo baya zai je ya duba. In kin ga tsofaffin kundaye babu shekarar aikin farko kar ki rikice, bugu na 6 suka bi, a na 7 ne aka ce a sa shekarar in an san ta.

To yanzu mu zo kan shawarar mai taifin ɗinki, don ita ce take ɓata min rai, kusan duk kundin da na buɗe sai na ci karo da ita. Mutanen nan sun ɗauka manazarta ado ce, wato yawanta shi ne ƙimar aiki, shafi 10 ya fi shafi 6, shi kenan. Alhali duk abin da kika jera a can cewa kike yi na riƙe wannan na karanta da idona. Kin kwafo Miller kin jefar da Cowan, kin yi laifi biyu kenan a lokaci ɗaya: kin ce kin karanta abin da ba ki karanta ba, sannan kin ci guminsa shi wanda ya karanta ya taƙaita miki kin ɓoye sunansa. Masu ilimin hadisi sun daɗe da sanin wannan cuta, mai ruwaya ya tsallake wanda ya ji daga bakinsa ya jingina kansa da na sama, kuma ba sa ɗaukarsa ƙaramin abu.

Kuma dubi misalin naki da kyau. Miller ya yi suna ne da cewa ƙwaƙwalwar ɗan gajeren lokaci tana riƙe abubuwa kamar 7, da ƙari ko ragin 2. Cowan kuwa takardarsa gaba ɗaya ya rubuta ta ne don ya ce a'a, adadin ya fi kusa da 4, har yana ganin bakwai ɗin nan na Miller ƙiyasi ne kawai da salon jan hankali. Kenan Miller ɗin da kika sani Miller ne daga bakin mai ja da shi. Ba na cewa Cowan ya yi masa ƙarya, amma ya zaɓo abin da ya shafi hujjarsa ne ya bar sauran. In kika rubuta (Miller, 1956) zalla, fahimtar Cowan kika ɗora a bakin Miller, kuma mai karatu ba shi da hanyar gane haka.

Kar ki ce ai abu ne na ɗalibai kawai. A 1980 Porter da Jick suka aika wata 'yar wasiƙa mai jimla 5 zuwa mujallar New England Journal of Medicine, suna cewa cikin marasa lafiya 11,882 da aka ba magungunan kashe ciwo dangin mofin a gadon asibiti, 4 kawai aka samu sun kamu da jarabar maganin. Wasiƙa fa, sakin layi ɗaya, kan mutanen da ke kwance likita na kula da su. Sai aka yi ta ambatonta, wannan ya gani a wurin wancan ya kwafa, har ta zama kamar wani gagarumin bincike da ya tabbatar maganin ba ya kama mutum ko da ya daɗe yana sha a gida. A 2017 wasu masu bincike suka bi diddigi a mujallar dai, suka samu an ambace ta sau 608, kusan kashi 72 cikin 100 sun kafa hujja da ita cewa kamuwa ba ta cika faruwa ba, kusan kashi 81 kuma ko faɗar cewa mutanen a asibiti suke ba su yi ba. Likitoci ne da furofesoshi, da sun buɗe wasiƙar minti ɗaya ya ishe su karanta ta.

Kina tsoron a kama ki, kuma kamawar ba wuya. Ni abin da nake fara dubawa shi ne ɗalibin da ya jera littafin 1930 da wani abu, ko takarda da Jamusanci alhali ko gaisuwa bai iya da shi ba. Sai kuskuren da aka gada, lambar shafi ko harafin suna da wancan marubucin ya ɓata, ga shi nan daidai a kundinki, ke ma kin kwafo da kuskuren. Sai layi ɗaya a manazarta da ya sha bamban da sauran saboda an ɗauko shi daga mujalla mai wani salon. In duk ban ga waɗannan ba tambaya ɗaya ta isa: me Miller ya ce a farkon takardar kafin ya zo kan batun tunawa? Nan za ki ga ɗalibi ya fara gyara gilashi.

Amma fa kar ki ɗauki "as cited in" ya zama wurin fakewa. APA kanta cewa ta yi a yi amfani da shi kaɗan, lokacin da asalin ya ɓace a kasuwa, ko ba ya samuwa, ko yana cikin harshen da ba ki ji. Miller ba ya cikin ko ɗaya, takardar tana Psychological Review ta 1956, shafi 81 zuwa 97, kuma in kika sa sunanta a Google Scholar za ta fito. Ki zauna ki karanta, shafi 17 ne. Kin karanta, to yanzu kin samu damar rubuta (Miller, 1956) kai tsaye ki sa shi ƙarƙashin M, Cowan kuma ki bar shi a inda kika ɗauki ra'ayinsa.

In lokaci ya ƙure ba ki samu karantawa ba, ki bar shi yadda na nuna a sama. Idan da Zotero kike aiki kar ki saka Miller a cikin rubutun ta manhajar don da kanta za ta jefa shi manazarta, ki saka Cowan, sai a gurbin Prefix ki rubuta "Miller, 1956, as cited in". Ki kuma leƙa littafin jagoran rubuta kundi na sashenku kafin ki buga, wasu sassan suna cewa APA amma sun ɗan sauya, misali su ce a rubuta "cited in" ba tare da "as" ba, irin na Harvard, in haka ne nasu za ki bi a duk kundin.