Foldar inbois ta ɓace daga filash, ina ta shiga?

"Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka. Foldar da nake ajiye duk inbois ɗin shagona ta ɓace daga filash, jiya ma na ganta. Yau shotkot kawai nake gani. Wani ya ce in yi fomat, in yi?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kar ka yi fomat don Allah, kar kuma ka sake danna shotkot ɗin nan, kar ka zuba komai a kan filash ɗin tukuna. Bari in ba ka labarin abin da ya samu kawuna, don kusan irin naka ne sak.

Kawu yana sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari, ni nake taya shi rubuta lissafi. Duk inbois ɗin masu ɗaukar kaya bashi, har da 'yan Maraɗi da suke zuwa su yi sari sai bayan sallah su biya, suna cikin folda ɗaya a filash mai 8GB. Ana saura sati biyu sallah ya aiki yaron shago wani bizines santa ya firinto masa takarda biyu, yaro ya dawo aka sa filash a kwamfutar shago sai ga wayam, ba folda ba alamarta, sai wani shotkot mai ɗauke da sunan filash ɗin. Ran Kawu ya ɓaci sosai, abin da ya fi damuna ma shi ne ya fara zargin yaron, wai ko wani mai bashi ne ya ba shi kuɗi ya goge. Yaron nan har hawaye ya yi yana rantsuwa, wallahi har yau in na tuna sai na ji ba daɗi.

Da na zo da yamma abin da na fara yi shi ne na danna dama a kan filash ɗin na shiga Properties. Sai na ga Used space yana nuna sama da 2GB, alhali a ido babu komai a ciki. Na ce Kawu kwantar da hankalinka, da an goge da wurin ya koma fanko, kayanka suna nan ɓoye su aka yi. Bairos ne da ake ɗauka a kwamfutocin da kowa yake soka filash, yana sa wa folda alamar Hidden da ta System, sannan ya ajiye shotkot a madadinta, kai kuma kana dannawa ya kama kwamfutarka.

Inda mutane suke yin kuskure shi ne su kunna Show hidden files, folders, and drives kaɗai, su ga ba abin da ya fito su fidda rai. Bai isa ba saboda waccan alamar ta System ɗin, sai ka sauka ƙasa kaɗan a Folder Options ka cire alamar da ke kan Hide protected operating system files (Recommended) shi ma. Ni dai cmd na buɗe, wato baƙar tagar nan ta Windows da ake rubuta umarni, na duba harafin filash ɗin a This PC na ga E ne, na rubuta:

```
attrib -h -r -s /s /d E:\*.*
```

Ka sa harafin naka a wurin E, ka duba da kyau kar ka je ka sa C. Ba zai nuna maka komai ba in ya gama, layi kawai zai dawo. Muna sake buɗewa sai ga wata folda da ba ta da suna kwata-kwata, hoton folda kawai, na shiga ciki ga foldar inbois ɗin Kawu a zaune, ko fayil ɗaya bai yi ciwon kai ba. Kawu ya kira yaron a gabana ya ba shi haƙuri.

Daga nan na kwafe fayilolin zuwa kwamfuta, na yi musu sikanin da antibairos, sai a sannan na yi wa filash ɗin fomat. In ka yi haka shotkot ya sake dawowa, to kwamfutar taka ce ta kamu, ita za a fara wankewa, in ba haka ba duk filash ɗin da ka soka haka za ta yi masa.

Amma fa in ka duba Properties ka ga Used space kusan sifiri, to wannan gogewa ce ta gaske, attrib ba zai yi maka komai ba, sai dai a gwada manhajar dawo da fayilolin da aka goge irin su Recuva, kuma shi ya sa na ce kar ka zuba komai a kai don sabon fayil yana iya hawa kan tsohon. Duba ka faɗa mana nawa ya nuna maka.