Ina ɗinki a gida amma kwastomomi sun ƙi yawa, ta ina zan fara talla?

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan da na fara ɗinki a gida da keke ɗaya. Waɗanda na yi wa aiki suna yabawa, amma a sati da ƙyar nake samun kaya biyu ko uku. Abin da zan iya warewa don talla a wata bai wuce ladan ɗinkin riga ɗaya ba. Don Allah masu gogewa a sana'ar, yaya zan tsara talla ta waya da ta bakin mutane?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sa albarka a sana'a. Na shekara goma sha ɗaya a kan keke, kuma shekara biyun farko ban tsinana komai ba wajen neman kwastoma, don haka bari in faɗa miki abin da ya fitar da ni.

Kafin ki taɓa kuɗin nan, ki sami littafi ki ja layi gida huɗu: sunan mai kaya, abin da ta kawo, ranar da kika yi alƙawari, sai gida na ƙarshe, wa ya turo ta. Duk wadda ta zo, kina ɗaukar awonta ki tambaye ta, "A ina kika ji labarina?" ki rubuta. Sannan ki zauna yau ki tuno duk waɗanda kika yi wa ɗinki a wata bakwai ɗin nan, ki cike musu nasu layin. Lokacin da na yi wannan na ɗauka hotunan da nake zubawa ne ke kawo mini mutane. Da na ƙirga sai na tarar cikin mutum talatin da ɗaya, goma sha tara sun zo ne ta bakin mata uku kacal. Ukun nan ban taɓa yi musu ko godiya ta musamman ba. Ina can ina neman baƙin ido, masu yi mini tallar gaskiya suna kusa da ni ban sani ba.

Dalilin da ya sa ɗinki ya bambanta da sauran kayan sayarwa shi ne, mace ba ta miƙa yadinta ga telar da ba ta yarda da ita ba. In aka yanka yadi an yanka, ba a mayar da shi. Hoto mai kyau zai sa ta tsaya ta kalla, amma abin da zai sa ta ɗauko yadin ta taho shi ne ta ga rigar a jikin wadda ta sani, ta ga yadda kafaɗa ta zauna, ta ji an ce "a ranar da ta ce ta ba ni". Saboda haka wayarki aikinta ta taimaka wa bakin mutane. In ƙawa ta tambayi kwastomarki wa ya ɗinka mata, a sami lamba a hannu nan take, a kuma sami hotunan da za a nuna.

To ranar da ake karɓar kaya ita ce ranar tallarki, kuma nan nake so ki fi sa hankali. Kada ki miƙa kaya a leda a bakin ƙofa. Ki goge shi, ki yanke duk zaren da ya yi saura, ki roƙe ta ta gwada a gabanki. In akwai inda ya matse ko ya yi yawa, ki gyara a take ba tare da karɓar ko sisi ba, domin rigar da ta kai gida ta ƙi zama ba za ta dawo miki da ita ba, sai dai ta ba wa wasu labari. In ta saka kika ga fuskarta ta saki, a wannan lokacin za ki nemi abu biyu. Na farko ta yi ajiyar lambarki a wayarta a gabanki, ke ma ki ajiye tata. Na biyu ki ce, "In wata ta tambaye ki wa ya ɗinka, don Allah ki tura mata lambar nan, kuma ki ce ta ambaci sunanki in ta zo." Kada ki ji kunyar faɗin haka. Mutane da yawa suna son taimakawa, ba a dai nema ba ne.

Maganar ajiye lamba ba ƙaramar magana ba ce. Status na WhatsApp ba ya zuwa ga kowa sai wanda ke da lambarki ke ma kike da tasa, kuma bayan awa 24 ya ɓace. Haka saƙon Broadcast, wato wanda ake tura wa mutane da yawa lokaci ɗaya, ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarki. Ke nan in mutum arba'in ne ke kallon Status ɗinki, yawancinsu dangi, ko kin wuni kina zuba hotuna su ɗin dai ne za su gani. Aikin da ke gabanki shi ne ƙara yawan idon, kuma idon masu ɗinki. Ki sa wa kanki adadi, a ce sababbin lambobi biyar a sati: kwastomomi, waɗanda suka tambayi farashi ko da ba su kawo ba, masu sayar da yadi, masu kitso da kwalliya. A wata uku kin ƙara mutum sittin.

Ki sauke WhatsApp Business, kyauta ne. Ki cike sunan sana'ar da lokutan aikinki, ki zuba ɗinkuna takwas zuwa goma mafi kyau a Catalog, kowanne da sunan salon da yawan yadin da yake ci da kwanakin da yake ɗauka. Wannan na nan daram ba ya ɓacewa, kuma kwastomarki za ta iya tura shi ga ƙawarta. Da Labels kuma za ki ware masu jiran kaya da masu ragowar kuɗi da masu turo miki mutane.

Hoto kuwa, ki ɗauka da rana kusa da taga, hasken yana faɗa wa rigar daga gabanta, bango a share babu tarkace, ki goge gilashin kyamara tukun. Kowace riga hoto uku ya isa: gaba, baya, sai na kusa da ke nuna wuya ko kalmasa ko yadda zif ya kwanta. Na kusan nan shi ne mai sayarwa, don wadda ta san ɗinki can take kai ido. Ki nemi izini kafin ki sa hoton kowa, ko da kin yanke fuska, domin wata ba ta son a ga kayanta kafin ta saka. Kuma ina roƙon ki, kada ki ɗauko hoton ɗinkin wata ki sa kamar naki. Wadda ta zo saboda shi za ta ce ki yi mata irinsa sak, in hannunki bai kai ba kin rasa ta kin rasa waɗanda ke bayanta. Sa Status sau uku ko huɗu a sati ya wadatar: kayan da aka gama, ɗan gajeren bidiyon kina yanka ko ɗinki, wani lokaci saƙon yabon da kwastoma ta turo in ta yarda, an rufe sunanta da lambarta. Facebook ko Instagram ki zaɓi ɗaya, wanda kwastomominki suka fi shiga, ki riƙa sa hotunan da kika riga kika ɗauka, kina rubuta yankin da kike a ƙarƙashin kowanne.

Kuɗin kuma, ga yadda zan raba shi da ni ce. Rabi na data. Kashi ɗaya cikin huɗu ki tara wata biyu ki buga ƙaramin ƙyalle mai ɗauke da sunan sana'arki da lambar waya, kina ɗinke shi a cikin wuyan kowace riga. In hakan ya yi tsada, hatimi da tawada sun isa ki buga a ƙaramin kati ki jefa biyu a kowace leda, ɗaya nata ɗaya na bayarwa. Ragowar kashi ɗayan na godiya ne ga masu turo mutane. Tallar da ake biya a shafuka ki bar ta tukun. Na taɓa biya ban ƙayyade yankin da nake so a nuna ba, na sami ɗaruruwan masu yabawa daga garuruwan da ba za su taɓa kawo mini yadi ba, saƙo guda shida, ɗinki ko ɗaya babu. In kin kai lokacin yin ta, ki taƙaita ta ga inda mutum zai iya zuwa wurinki a ɗauki awonsa.

Godiyar nan akwai yadda ake yin ta. Kada ki bayar sai wadda aka turo ta kawo kaya ta biya. Kuma ni na fi ganin amfanin aiki a kan kuɗi: gyara kyauta, canjin zif, ko ki haɗa wa 'yarta ƙaramar riga da ragowar yadi. Ke ɗan lokaci da zare kika kashe, ita kuwa a wurinta abu ne babba. Ragi in za ki yi kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma, kuma sau ɗaya ga kowace wadda ta turo, in ba haka ba ragin zai zama shi ne farashinki.

Bari in ba ki misalin yadda ɗaya daga cikin matan nan uku ta kasance. Malama ce a wata makaranta, ta kawo siket biyu a rage mata ƙugu, ƙaramin aikin da teloli da yawa ke rainawa. Na ce ta dawo bayan kwana uku, na gama a kwana biyu na tura mata saƙo. Ta dawo da yadin riga. Bayan ta karɓa da kwana huɗu na sake tura mata saƙo ina tambayar ko ta saka, ko akwai inda ya dame ta. Ta ce hannu ya ɗan matse, na ce ta kawo, na buɗe shi a minti ashirin. A cikin wata biyu abokan aikinta biyar suka zo, biyu daga ciki har da kayan yaransu. Daga baya na gane abin da ya sa ta fi kowa kawo mutane: kullum tana cikin mata masu yawa da ke ganin kayanta, kuma duk kusan lokaci ɗaya suke samun kuɗi. Ki duba littafinki ki nemo irinta, masu aiki a asibiti ko ofis ko makaranta, su za ki fara kira.

Sai abin da ke rusa duk wannan, wato karɓar aikin da ya fi ƙarfinki. Da zarar mutane sun fara zuwa, zuciya ba ta son cewa a'a. Ki auna kanki da gaskiya. In kina gama riga ɗaya a yini, kina aiki kwana shida, kada ki yi alƙawarin fiye da huɗu a sati. Kwana biyun na ɗauke wuta ne, da keke in ya ƙi, da gyare-gyare, da lalurar gida. In layi ya cika ki faɗa a fili cewa sai sati na sama, kuma ki daina sa talla har ki rage. Wadda aka turo ta kika saɓa mata, ba ita kaɗai kika ɓata wa ba, kin kunyata wadda ta tsaya miki, kuma ba za ta ƙara turo kowa ba. Alamar za ki gan ta a littafi: sunan da ya saba fitowa a gidan "wa ya turo" sai ya ɗauke ƙafa wata guda ko biyu. In kin ga haka ki kira ta da kanki ki tambaya ko akwai abin da ya faru.

Ƙarshen kowane wata ki ƙirga abu uku: sababbin kwastomomi nawa, ta ina suka zo, nawa ne suka dawo karo na biyu. In masu tambayar farashi sun yi yawa amma ba sa kawowa, ki duba hotunanki da saurin amsa saƙonki. In suna kawowa sau ɗaya ba sa dawowa, matsalar tana wurin awo ko alƙawari, kuma can za ki gyara kafin ki ƙara ko hoto ɗaya. Ki ba tsarin wata uku kafin ki yanke masa hukunci. In kin cike littafin kin ga sunayen da suka fi fitowa, ki dawo ki gaya mini irin aikin da suke yi, sai mu duba abin da za ki rubuta musu a saƙon farko.