Albashi ba ya kai ni 20 ga wata

"'Yan uwa, albashina dubu 150 ne, amma kafin 20 ga wata na fara cin bashi, kuma ban san inda kuɗin ke shiga ba. Ya zan yi?"

Ɗan uwa, wallahi kamar ni ka rubuta wa tarihi. Shekaran bara mai gidan da nake haya ya tsaya a ƙofar zaure bayan la'asar, maƙwabta na zaune, yana cewa mai albashi guda ya kasa biyan haya. Ɗana na tsaye yana ji. Wata biyu kacal na ƙara masa, mutumin da na shekara shida ban taɓa saɓa masa ba! Har yau in na hango shi canza hanya nake.

Daren nan na ɗauki biro. Abin da nake yi tun lokacin shi ne, kafin albashi ya shigo, kowace naira sai na rubuta mata aikinta, har in na debe ayyukan daga albashin a tashi sifili. Sifilin a takarda yake, ba wai ka kashe komai ba, don ajiya ma aiki ce.

Da dubu 150 ɗinka, a ce cefane 55, kuɗin mota 18, wuta da ruwa da gas 14, kati 5. Sai waɗanda suka kashe ni a da, masu zuwa jefi-jefi. In hayarka dubu 240 ce a shekara, raba ta 12, dubu 20 ke nan duk wata. Makaranta in dubu 60 ce kowane zango, zango uku 180, wato 15 a wata. Su Inna 8, biki da suna 5, magani 5. An tashi 145. Biyar ɗin da ta rage kada ka bar ta haka nan, ita ce ke zama tsire da lemo. Ka zuba ta adashi.

Kuɗin hayar kuma kada su kwana a asusun da katinsa ke aljihunka. Ni maiɗakina nake damƙa wa, ta fi ni riƙo.

Watan farko lissafin zai rushe, nawa cefane ya wuce da dubu 7. Ba a yaga takardar. Sai ka zauna ka ce daga ina dubu 7 ɗin za ta fito, ka rage a biki da kati, jimilla ta koma sifili. In kullum layi ɗaya ke wucewa, kai ne ka yi masa ƙaramin kaso, gyara shi wata mai zuwa.

Masu "ara min, ranar Juma'a zan ba ka" kuwa, akwai abokin aikina da dubu 10 na ke hannunsa tun azumi, gaisuwa ma ya daina amsawa. Yanzu in kason biki da suna ya ƙare, haƙuri kawai nake bayarwa.